Adashi, gudummawa da anko idan aiki ya tsaya

“Baffa, wata huɗu ke nan da aka sallame mu daga aiki. Naira 180,000 ta rage mini, gidana kuma yana cin kamar 70,000 a wata. Na riga na kwashi adashinmu na mutum goma, saura zubi huɗu na 20,000. Ga bikin ɗan Gwaggo ya taho, ana maganar gudummawar 30,000 da anko na 15,000. Barci ya ƙaurace mini. A al'ada, wanne ne dole a kaina, wanne zan bari ba tare da na ji kunya ba?”

Ɗana, waɗannan abubuwa uku ba nauyinsu ɗaya ba, kuma rabin abin da ke hana ka barci shi ne ka haɗa su wuri guda kana ɗauka a kai. Adashin da ka kwasa bashi ne. Gudummawa zumunci ne da ake yi gwargwadon hali. Anko kuwa ado ne kawai, ba a bin kowa bashinsa. Sama da su duka akwai ciyar da iyalinka, wanda addini da al'ada suka haɗu a kan cewa shi ne farko.

Fara da lissafi, da biro da takarda. Naira 70,000 a wata tana nufin gidanka yana cin kusan 2,300 a rana. Gudummawa da anko tare sun kama 45,000, wato cefanen kwana goma sha tara. Idan ka biya su, ka kuma ci gaba da zubi cikakke, 135,000 ce za ta rage ana cire mata 90,000 duk wata, ka ga wata ɗaya da rabi ke nan. Idan ka ajiye su, ka rage zubi zuwa rabi, abin da zai riƙa fita 80,000 ne, kuɗinka zai kai ka wata biyu da mako guda. Wannan bambancin na kimanin mako uku shi ne lokacin da za ka yi neman aiki da hankalinka a jikinka.

Adashin zan fi tsayawa a kai, don nan ne mutane suke zubar da mutuncinsu. Tunda ka kwasa, 80,000 ɗin da ta rage haƙƙin mutum huɗu ne da ba su ɗauka ba, kowanne yana jiran 20,000 daga hannunka ranar kwasarsa. Kada ka jira ranar zubi ta zo sannan ka kashe waya. Ka je wurin mai riƙe da adashin aƙalla mako guda kafin ranar, ka gaya masa an sallame ka, ka kuma zo da tsari a hannunka: za ka ba kowane mai kwasa 10,000 a ranarsa, ragowar 10,000 kuma ta zama bashi tsakaninka da shi, a sa mata wata. A gaya wa su huɗun, don kowanne ya riga ya yi wa kuɗinsa hidima a ransa, wani kuɗin haya, wani jari. Mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda ba ya gaggawa, sai ya yarda ya jira, a cika wa mai matsuwa nasa. Ku rubuta a gaban shaidu biyu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, ta 280 kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, saboda haka neman jinkiri ba abin kunya ba ne. Abin da ke ɓata suna shi ne ɓuya, da alkawarin “gobe” wanda ka san ba za ka cika ba. Wanda ya yi haka sau ɗaya, ba a ƙara sa hannunsa a adashi a unguwar, kuma ranar da zai nemi a tsaya masa wajen aiki ko karɓar kaya, a nan zai gane abin da ya yi asara.

Ina kuma ja maka kunne kan rancen nan na waya da ake bayarwa cikin minti kaɗan. Wa'adinsa gajere ne, ruwan da ke kai mai yawa ne, ga haramcin riba. Wasu daga cikin masu bayarwa, da ka makara, sai su bi lambobin da ke wayarka suna tura wa dangi da surukai saƙon tozarci. Kada ka ci shi don ka cika zubi.

Batun gudummawa, asalinta ramuwa ce. Shi ya sa mata suke rubuta abin da kowa ta kawo ranar biki, don su san abin da za su mayar. Amma ba a taɓa sa wa ramuwa ranar ƙarshe ba. Ango zai yi suna, zai yi wata hidimar, ƙofa a buɗe take. Abin da ya kamata shi ne ka taka har gidan Gwaggonka tun saura mako biyu, ka gaishe ta, ka sanar da ita halin da kake ciki da bakinka kafin ta ji a wani wuri. Idan za ka iya sa 5,000 a hannun ango, ka sa. Sannan ka ɗauki aikin da za a gan ka a kai: rabon katin gayyata, ɗauko kujeru da rumfa, shimfiɗa tabarmi ranar ɗaurin aure, tarbar baƙi da kai musu abinci. Zumunta a ƙafa take, kuma dangi sun fi riƙe wanda bai zo ba fiye da wanda ya zo hannu sake. Anko kuwa, ka wanke babbar rigarka ka goge. Idan iyalinka ce take jin nauyin shiga cikin mata ba anko, ku yi maganar tun da wuri.

Wannan ya kawo ni ga ita kanta. Maza da yawa suna ɓoye wa matansu lissafi don kare girma, sai ita ta ci gaba da ɗora tukunya yadda ta saba, shi kuma yana ƙuna a ciki, faɗa ya tashi a kan gishiri. Ka zaunar da ita ka nuna mata takardar. Ku ware kuɗin abinci na mako-mako maimakon na wata, don kuɗin wata yakan ƙare tun ranar ashirin. Hatsi da mai ku saya a dunƙule, don awon kullum a shagon unguwa ya fi tsada. Idan ta taimaka da kuɗin sana'arta, ku faɗa a fili ko kyauta ce ko rance, domin dukiyarta tata ce.

Game da barci, tunanin kuɗi ya fi ƙarfi da dare saboda a lokacin babu abin da za ka iya aikatawa, sai juya lamba ɗaya. Ka sa wa lissafi lokaci guda a yini, kamar bayan la'asar, minti ashirin. Abin da ya faɗo maka bayan isha'i, ka rubuta shi a layi ɗaya ka bar wa gobe. Ka rage shayi mai ƙarfi da goro daga yamma. Ka riƙe addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya koyar ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi. Da safe ka fita kamar mai zuwa aiki, ka je wurin mutum biyu da suka san aikin hannunka, ka faɗa musu takamaiman abin da kake nema, ko da na wucin gadi ne. Duk abin da ya shigo, ko 3,000 ce a rana, ya riga ya rufe cefanen ranar, ya ƙara maka kwana ɗaya a takarda.

Idan kuwa aka yi mako biyu ba barci, ba ka son abinci, ƙirjinka yana bugawa, ko ka fara jin gara a ce ba ka raye, to abin ya wuce lissafi. Ka je asibiti a auna jininka, ka faɗa wa likita komai, kada ka sayi maganin barci ko tiramadol a kemis da kanka. Ka kuma kira ni a ranar, mu tafi tare.