Saƙon godiya bayan taro: ranar zama na gaba da aikin da ke kan kowa

Tambaya: Ni ne sakataren kwamitin gyaran rijiyar burtsatse ta unguwarmu. Duk zaman da muka yi kowa sai ya ce "to", amma idan aka dawo sai a tarar ba a yi komai ba, wasu ma su ce ba su san ranar ba. An ba ni shawara in riƙa tura saƙon godiya bayan kowane zama. Me zan rubuta a ciki, kuma yaushe zan tura? (Wani sakatare daga Zariya)

Amsa: Malam Sakatare, ka tura shi a ranar da aka yi zaman, in ya yi nisa washegari da safe. Idan ya wuce kwana biyu, kowa ya riga ya sassaƙa abin da aka ce daidai da yadda ya fi masa sauƙi, sai saƙonka ya zama abin gardama. Shi ya sa aikin yake farawa tun kafin a tashi. Ka nemi Shugaba ya ba ka minti uku kafin addu'ar rufewa, ka karanto ayyukan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa nasa da bakinsa a gaban jama'a. Abin da ka karanta ɗin shi za ka rubuta, kada ka ƙara ko ɗaya daga kanka.

Ka kuma bambanta wannan saƙo da cikakken rahoton zama da kake rubutawa a littafin kwamiti. Rahoto yana ɗauke da wanda ya kawo shawara, da wanda ya goya baya, da wanda ya ƙi. Saƙon godiya ba ruwansa da wannan. Godiya layi biyu, ranar zama na gaba, sai ayyuka. Ga misali daga irin aikinku, sai dai inda muka sa muƙami kai ka sa sunan mutumin:

Assalamu alaikum. A madadin Shugaba, muna godiya ga duk wanda ya halarci zaman yau Asabar, 8 ga Nuwamba, musamman Mai Unguwa da ya ba mu zaurensa. Allah ya saka da alheri.

Zama na gaba: Asabar, 22 ga Nuwamba, ƙarfe 4:30 na yamma, a zauren Mai Unguwa.

1. Mataimakin Shugaba zai kawo mai gyara ya ciro injin tura ruwa, ya rubuto ƙarfinsa da zurfin da aka sa shi, a miƙa wa Ma'aji zuwa Laraba, 12 ga Nuwamba.
2. Ma'aji zai karɓo farashin sabon inji a rubuce daga shaguna uku, kowanne da tsawon garantinsa, ya miƙa wa Sakatare zuwa Litinin, 17 ga Nuwamba.
3. Sakataren Kuɗi zai kawo jerin gidajen da suka biya gudummawa da waɗanda suka rage zuwa Litinin, 17 ga Nuwamba.
4. Sakatare zai haɗa waɗannan ya tura wa kowa ranar Alhamis, 20 ga Nuwamba.

Ba a yanke shawarar gyara tsohon inji ko sayen sabo ba, kuma ba a ba kowa izinin biyan kuɗi ba sai an zauna. Wanda ya ga kuskure a nan ya sanar da ni kafin Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 8 na dare.

Ka lura da yadda aka jera ranakun. Ma'aji ba zai iya tambayar farashi ba sai ya san ƙarfin injin da zurfin rijiyar, domin mai shago abin da zai fara tambayarsa ke nan. Idan ka sa wa su biyun rana ɗaya, Ma'aji zai zauna jiran Mataimaki, ranar zama kuma kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, kuma dukansu suna da gaskiya. Saboda haka duk aikin da ya rataya a kan wani, ka bar masa tazarar kwana uku zuwa biyar. Kuma kada ka sa wa'adin kowane aiki ya faɗo a ranar zaman kanta. Aikin da aka ce "a kawo ranar zama" a daren jajibere ake yinsa, in ma an yi, kuma babu wanda ya samu damar duba takardun kafin a nemi ra'ayinsa. Kwana biyu kafin zama ya isa.

Kowane aiki suna ɗaya. Hausa tana da wata ƙofa mai daɗin fita, wato "za a": za a nemo mai gyara, za a duba farashi. A baki ladabi ne, a rubuce kuwa yana nufin babu wanda zai yi. Haka ma "kwamiti zai" ko "matasa za su". Idan mutum uku aka ba aiki, ka rubuta sunan wanda za a tambaya, sannan ka ce "tare da Wane da Wane". Sannan aikin ya zama abin da ake iya gani an gama. "Ma'aji zai bincika maganar inji" ba ya ƙarewa, domin ko tambaya ɗaya ya yi a bakin hanya ya bincika. "Farashi a rubuce daga shaguna uku" kuwa, ko dai takardu uku suna hannunka ranar Litinin ko babu.

Maganar rana ita ce ta fi cin mutane. "Jibi", "gata", "rana ita yau", "Asabar ta sama", duk sun dogara ne da ranar da mutum ya buɗe saƙon, kuma wani sai bayan kwana uku zai sa data. "Daren Juma'a" ya fi su haɗari: a lissafinmu na gargajiya dare yana gaban yini, don haka dattijo zai zo ranar Alhamis da dare, ɗan boko kuma ya zo ranar Juma'a. Ka rubuta sunan ranar, da lambarta, da sunan wata a cike, domin 8/11 wani zai karanta shi 11 ga Agusta. Amfanin haɗa sunan rana da lamba shi ne idan ka yi kuskure a ɗaya, wani zai hango ya tambaye ka. Duk da haka ka duba kalanda kafin ka tura. "Bayan La'asar" ma yana motsi da lokacin shekara da kuma masallacin da mutum ya yi salla, sai ka haɗa shi da agogo.

Layin da ya ce ba a ba kowa izinin biyan kuɗi ba, kada ka tsallake shi a duk zaman da aka taɓo saye. Ba sabon abu ba ne mutum mai kyakkyawar niyya ya ji an ce "sabon inji ya fi", ya je ya ba da kafin alƙalami, ya dawo yana neman a mayar masa.

Tambaya: A ƙungiyarmu ta mata masu sana'a, wasu suna da WhatsApp, wasu ƙaramar waya ce da su, akwai kuma waɗanda ba sa karatun boko. Ta wace hanya ya fi dacewa in tura? (Wata sakatariya daga Maraɗi)

Amsa: Malama, ki zaɓi hanya ɗaya ta zama ita ce asali, sauran su bi ta. A yanayinku, rubutaccen saƙo a zauren WhatsApp shi ne asali. Ki manna shi a sama. Ana ba ki zaɓin awa 24, kwana 7 ko kwana 30, sai ki ɗauki wanda zai kai ranar zaman. Idan kika sa layin ranar tsakanin taurari biyu, kamar `*Asabar, 22 ga Nuwamba*`, zai fito da kauri. Ki karanta sau biyu kafin ki tura, domin minti 15 kawai ake da shi na gyara saƙo. In lokacin ya wuce, ki tura sabo cikakke wanda ya fara da kalmar GYARA, ki manna shi a madadin tsohon, kada ki tura guntun "a'a, 4:30 ne" da zai nutse cikin gaisuwa. A bayanin saƙon kuma za ki ga waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka buɗe, sai ki san wa za ki kira.

Ga waɗanda ba sa karatu, ki biyo da saƙon murya wanda bai wuce minti ɗaya ba, ki karanta ainihin abin da kika rubuta. Murya kaɗai ba ta wadatar ba, don ba a iya lalubo rana a cikinta sai an saurara daga farko.

Masu ƙaramar waya kuwa, kowacce ki tura mata nata kaɗai: ranar zama da aikinta. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar kin sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ, ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, a caje ki kuɗin saƙo biyu ko uku, wata tsohuwar wayar ma ta nuna akwatuna a gurbinsu. A nan kaɗai muke ba da shawarar ki rubuta k, d, b zalla. Ba sai kun sayi injin buga takarda saboda wannan ba. Kofe ɗaya da za ki kwafa da hannu a littafin ƙungiya, Shugaba ta sa hannu, ya ishe ku hujja.

Tambaya: Wani Alhaji da muka gayyata ya yi alkawarin zai yi wa wani kamfani magana a ba mu rangwame. Yaya zan sa masa wa'adi ba tare da na yi rashin kunya ba? Akwai kuma wanda aka ba aiki alhali bai halarci zaman ba. (Wani ma'aji daga Kano)

Amsa: Kada ka sa Alhaji cikin jerin lambobi tare da 'yan kwamiti. Ka rubuta masa nasa daban da sunan Shugaba, kuma ka ɗora wa'adin a kanku. Misali: "Ranka ya daɗe, muna godiya da lokacin da ka ba mu. Kamar yadda Alhaji ya ambata zai tuntuɓi kamfanin, za mu kawo takardar buƙatunmu ofis ranar Talata, 11 ga Nuwamba. Za mu sake zama ranar Asabar, 22 ga wata, don haka in Alhaji ya yarda zan leƙo ranar Laraba, 19, in ji yadda aka yi." Ranar tana nan, alkawarinsa yana rubuce, amma kai ne mai zirga-zirgar. Sai dai fa ka kai takardar ranar Talatar da ka faɗa, in ba haka ba ka ba shi dalilin mantawa.

Wanda bai zo ba kuwa, aikin bai zama nasa ba tukuna. Ka kira shi kafin ka tura saƙon. In ya karɓa, ka sa sunansa da ranar da shi ya amince da ita. In ba ka same shi ba, ka rubuta cewa Shugaba zai tuntuɓe shi zuwa rana kaza, kuma aikin yana hannun Shugaba har sai ya amsa.