Zaren kamun kifi zai riƙe kwalliyar da na rataya a saman amarya?

Tambaya: Malam, ina sana'ar kwalliyar biki a Mabera. An ba ni ɗakin taro mai dogon silin da get ɗinsa, kuma akwai zoben furanni mai kilo 3 da za a rataya saman kujerar amarya. Yarana sun ce zaren kamun kifi ba ya tsinkewa, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, kada ki yarda da maganar yaran nan. Kullum sai na ji ta a bakin masu aiki, har ta ishe ni. Ko da an rubuta kilo 20 a jikin kwalin zaren, wannan ƙarfin sabon zare ne da ba a ƙulla ba. Da zarar an yi ƙulli ƙarfin ya ragu, mummunan ƙulli kuwa yana iya cinye kusan rabi. Sannan lailon ne, rana na cin sa. Wanda ya daɗe a shanye a gaban shago, ko aka kwance daga get bayan bikin da ya wuce a zafin Afrilun Sakkwato, ya riga ya mutu ko da ido bai gani ba. Ki ja shi tsakanin yatsu: in kin ji kaushi, ko ya yi fari-fari, a yar da shi. Kaifin ƙarfen get inda aka yi walda ma yana yanka shi a hankali duk lokacin da iska ta kaɗa. Ga shi ba ya gargaɗi irin na igiya da ke fara warwarewa, tas yake tsinkewa.

Ni zaren nan balan-balan da takarda da kyalle marar nauyi kawai nake ba shi. Zobenki a rataye shi da wayar ƙarfe a wuri uku, a ƙara ta huɗu daban don ko-ta-kwana. A ɗaura a rafta ko ƙarfen rufi, ba a ƙusar da aka buga a silin ba, don silin ado ne, ba ya ɗaukar kaya.

Tsani kuma, in ya jingina a tsawon mita 4, ƙafarsa ta nisanci bango da mita 1. Wani ya riƙe, musamman a kan tayil, kuma kada a taka matakai uku na sama. Abu marar nauyi a miƙa zarensa da gora mai ƙugiya daga ƙasa.

A get, a ɗaga kai a dubi wayar wuta kafin a miƙe da tsanin ƙarfe ko sandar ƙarfe. Kada kuma a gitta zaren a hanyar shiga daidai wuyan mutum, domin ɗan kabu-kabu ba zai gan shi ba. A haɗa shi can sama, ƙullin ƙarshe ya kwanta a jikin ginshiƙi.