Rok da yaren gida: laifin ba na Hausa ba ne, ku duba ƙafar mai ganga

Tambaya: Malam, mu huɗu ne: jita biyu, bes da ganguna. Mun yi waƙar rok da Hausa, muka sa kalangu a kai, amma duk wanda ya ji sai ya ce abin bai zauna ba. Mai situdiyo ya ce Hausa ba ta shiga rok, ko mu koma Turanci ko mu sayi sabbin na'urori. Yaya 'yan Agadas da Turkawa suka yi nasu ya zauna? Mun fara karaya.

Amsa: Samari, kada ku sayi komai tukuna. Maganar mai situdiyon nan ba ta da tushe, kuma irinta ce ke sa yara su sayar da waya su sayo akwatin da ba zai gyara musu ko gaɓa ɗaya ba. Matsalarku tsarin gini ce. Kun kafa kiɗan Turawa a ƙasa, sannan kuka yafa masa kalangu da Hausa kamar gyale. Waɗanda kuke tambaya a kansu daga ƙasa suka fara sauyawa.

Ɗauki Abzinawa, tunda su ne maƙwabta. Ƙungiyar Tinariwen ta samo asali wajajen 1979 a Tamanrasset ta Aljeriya, a hannun Ibrahim Ag Alhabib da abokansa 'yan gudun hijira daga arewacin Mali, ta kuma yi ƙarfi a sansanonin Libiya cikin shekarun 1980. Abin lura shi ne, lokacin da salon ya kafu babu jerin gangunan Turawa a cikinsa. Tafi ne, da duk abin da hannu zai iya bugawa, da muryoyi masu amshi. Karin da ke kunnensu na tende ne, wato turmin da mata ke rufe bakinsa da fatar akuya su buga, da kuma takamba, wadda ake yi da ƙwarya da wani molo mai tsirkiya uku da suke kira tehardant. Jita ce ta shigo baƙuwa ta koyi zaman gidan. Gangunan Turawa sai daga baya suka yi ƙarfi, musamman a wuraren biki na Agadas, kuma ko da suka zo, aikin tende da tafi aka raba musu.

To ga kuskuren da ake ta maimaitawa, har da masu kiran kansu furodusa. Suna ɗauka cewa kari ado ne, ana iya ɗora kowanne a kan kowanne in dai saurin ya zo ɗaya. Rok na yau da kullum bugu huɗu ne, kowane bugu ya rabu biyu, ƙaramar ganga kuma tana faɗowa da ƙarfi a bugu na biyu da na huɗu. Yawancin kiɗan Abzinawan da kuke sha'awa, da kaso mai yawa na kiɗan kalangu, bugun yana rabuwa uku ne. Zagaye ɗaya ƙwayoyi 12 ne, ba 8 ba. In mai ganguna yana raba bugu biyu, mai kalangu yana raba shi uku, a kan bugun kawai za su haɗu, tsakani kuwa kowa na tuntuɓe da ɗan'uwansa. Sai mai situdiyo ya buɗe kwamfuta ya jawo kowane bugun kalangu ya manna shi a kan layin da aka tsara don rok, ya ce ya gyara. Bai gyara ba, ya kashe shi ne. Kalangun da aka yi wa haka ya daina magana, ya zama ƙwanƙwasa ƙofa.

Ku gwada wannan a wajen atisaye, ba tare da an kunna komai ba. Ku ƙirga 1 zuwa 12 kuna maimaitawa. Mai ganguna ya taka ƙafa a 1, 4, 7 da 10. Sauran ku tafa a 1, 3, 5, 7, 9 da 11.

```
1 2 3 4 5 6 7 8 9 10 11 12
K . . K . . K . . K  .  .
T . T . T . T . T .  T  .
```

Ƙafa da tafi za su haɗu a 1 da 7 kaɗai. Wannan jan da ke tsakanin taku huɗu da tafi shida shi ne abin da ke sa kafaɗa motsi, shi ne kuma abin da mutane ke nufi in sun ce kiɗa ya zauna. Ku fara a hankali, kamar taku 80 a minti, ku yi minti biyar ba tsayawa. Alamar mai gangunanku bai shiga ba ita ce, bayan zagaye kaɗan tafin zai fara zamewa yana neman ƙafa, ko shi ya soma dukan ƙaramar ganga da ƙarfi a 4 da 10 har ya danne tafin. In ya yi haka, ku karɓe masa sanda ɗaya na mako guda, da gaske nake. Ya riƙe ƙafa, ya buga layin tafin a kan faifan ƙarfe, shi ke nan. Kuma a situdiyo ku fara ɗaukar kalangu da tafi, sauran kaya su biyo su.

Sai jita. Mai kiɗan rok ya saba danne tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, yana sauya haɗin sauti uku ko huɗu a zagaye. Abzinawa ba haka suke yi ba, kuma dalilin bai wuce wanda mai gurmi ya sani ba. Waƙa tana iya tsayawa a kan uwar sauti ɗaya daga farko har ƙarshe. Babban yatsa yana bugun tsirkiya mai kauri, tana gurnani ba ta sauyawa, manuniya kuma tana ɗauko waƙar a kan siraran tsirkiyoyi, galibi cikin sautuka biyar. Yatsun da ke wuyan jita suna yawan dukan tsirkiya da fizge ta ba tare da an sake kaɗawa ba, daga nan ne wannan lanƙwasa mai kama da ta goge ke fitowa. Masu wannan salo da yawa suna ɗaga tsirkiya ta shida daga `E` zuwa `G` don gurnanin ya samu a buɗe. In za ku yi, ku yi da siraran tsirkiyoyi kuma ku murɗa a hankali, don ɗagin yana da yawa, tsohuwar tsirkiya mai kauri tana iya tsinkewa. Da uwar sauti `G`, ku tsaya a kan `G`, `A`, `B`, `D`, `E`, ko kuma `G`, `Bb`, `C`, `D`, `F` in waƙar mai nauyin zuciya ce. Jita ta biyu kada ta cika fili. Sauti biyu sun ishe ta, `G` da `D`, tana datse su da tafin hannu tana bin layin tafi. Bes ya zauna kusa da ƙafar mai ganguna.

A nan ne maganar na'ura ta shigo, kuma ba sayayya ba ce. In aka murɗa `Gain` na amfilifaya sosai, sautukan da aka danne tare suna haifar da wasu ƙararraki a tsakaninsu. Sauti biyu masu jituwa kamar `G` da `D` suna jurewa, amma shida a lokaci guda sai su dagule, muryar mawaƙi ta nutse. Ku rage shi har sai kun ji gurnanin babban yatsa daban, waƙar manuniya daban. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda yanzu ake jin ƙarar jitarsa a manyan dandalin duniya, da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, ya yaɗu ta memorin waya. Hannu ne ya riga na'ura zuwa.

Turkawa matsalarsu ta ɗan bambanta. A 1965 jaridar Hürriyet ta buɗe gasar da ta nemi a yi waƙar Turkanci da kayan kiɗan Turawa, daga wannan zamani ne su Erkin Koray, Cem Karaca da ƙungiyar Moğollar suka fito. Suna da kari mai ƙwayoyi 9 da ake rabawa 2, 2, 2, 3, ba su kuma cike shi ya zama 8 ko 10 don daɗin mai ganguna ba. Kayan kiɗansu na gargajiya, saz, ɗaurin wuyansa ana iya matsar da shi, yana ba da sautukan da ke faɗawa tsakanin ƙarafan wuyan jita. Sai wasu suka sa wa saz ɗin lantarki, wasu suka riƙa tura tsirkiyar jita kaɗan don su kamo sautin. Ku ma in mawaƙinku ya saba da goge ko gurmi, za ku ji wani sautinsa bai faɗa daidai kan ƙarfen jita ba. Kada a yi saurin cewa ya kauce. Mai jita ya tura tsirkiya ya same shi, kuma a hana mai situdiyo miƙe masa murya da kwamfuta.

Akwai wurin da kwaikwayon Abzinawa ko Turkawa ba zai fisshe ku ba. Tamashek, harshen Abzinawa, da Turkanci ba sa bambanta kalmomi da hawa da saukar murya yadda Hausa ke yi. A wurinmu kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su: na farko murya a sama take har ƙarshe, ta biyu tana sauka a gaɓar ƙarshe. Gari na mutane da gari na tuwo kuwa tsawon wasalin farko ne ya raba su. Mawaƙan Hausa sukan ɗan saɓa wa karin sauti in ma'ana ta fito daga jimla, amma nauyin gaɓa ba a cika wasa da shi ba. Ƙa'idar da ta fi sauƙin bi ita ce gaɓa mai sauƙi ta ci ƙwaya ɗaya, mai nauyi, wato mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi, ta ci biyu. Gari na mutane ƙwaya uku ke nan, ɗaya da biyu, ya cika bugu ɗaya cif a cikin karin 12. Gari na tuwo ƙwaya huɗu ne, zai tsallaka cikin bugu na gaba. Wanda ya fara tsara sautin waƙa irin na Turanci sannan ya cusa baitin Hausa, dole ya ja gajeren wasali ko ya guntule dogo, shi ne mai sauraro ke jin kamar baƙo ne ke rera ta.

Saboda haka ku juya tsarin aikin. Mawaƙi ya karanta baitin da baki kamar magana a kan tafin nan, har kowace gaɓa ta sami mazauninta. Mai jita ya saurari inda muryar ke hawa da sauka, ya fitar da waƙar daga nan, ya kuma riƙa amsa wa mawaƙi a ƙarshen kowane layi maimakon su yi magana tare, kamar yadda 'yan amshi ke yi. Sannan ku ɗauka da waya ku kunna wa wata dattijuwa a gida wadda ba ta san baitin ba. In ta maimaita muku kalmomin daidai, ku wuce baiti na gaba. In ta ce "me ya ce?", ku nemo gaɓar da aka ja ko aka guntule a layin, a nan gyaran yake.