Ya ce shi darakta ne a kamfanin Birtaniya: yadda za ka duba kafin ka saki sefa

*Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Mubi ne, ina sayar da kayan babur a Garwa. Kawuna ya haɗa mu da wani da ya ce shi darakta ne a wani kamfani a Birtaniya, zai ɗauki ƙanena aiki. Ya turo takardar rajistar kamfanin ta waya, ya ce a biya sefa miliyan 4 ta hannun wata mata da ya ce ita ce sakatariyar kamfanin. Duk gida ni ake kallo. Hajiya ta ce ina wa ƙanena baƙin ciki, Kawu ya ce na raina shi. Ta yaya zan san ko da gaske darakta ne?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye takardar rajistar nan gefe tukuna. Matsayinta bai wuce na takardar haihuwa ba: tana nuna an haifi kamfani a rana kaza, ba ta faɗin ko yana raye, ba ta kuma faɗin wanda ke riƙe da shi yau. Kowa na iya sauke ta kyauta daga intanet ya tura wa wanda ya so. Amfaninta gare ka ɗaya ne, wato lambar kamfanin da ke jikinta, mai gurbi takwas. Da lambar za ka yi bincike, domin suna yakan yi kama da suna, kuma ana canza shi, lamba kuwa ba ta canzawa.

Hukumar rajistar kamfanonin Birtaniya, Companies House, ta buɗe kundinta ga kowa. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma buƙatar buɗe asusu. Wayarka ta isa:

```
find-and-update.company-information.service.gov.uk
```

Ka rubuta lambar, shafin kamfanin zai fito. Ka shiga `People`. Nan ne sunayen daraktoci da sakatare suke, na yanzu da waɗanda suka sauka. Ƙarƙashin sunan kowane darakta akwai watan haihuwarsa da shekara, ƙasarsa, ƙasar da yake zaune, adireshin aika masa wasiƙa, da ranar naɗi. Gefen muƙamin za ka ga `Active` ko `Resigned`. Nan mutane suka fi zamewa: su ga sunan mutum su yi murna, ba su lura cewa ya sauka tun bara ba. Wanda ya sauka ba shi da ikon ɗaukar wa kamfani alkawarin komai. A shafin dai akwai `Persons with significant control`, inda ake rubuta masu riƙe da fiye da kashi 25 cikin 100 na hannun jari ko na ƙuri'a. In darakta daban, mai riƙe da kamfanin daban, ka rubuta sunayen biyu, don duka za ka bi sawunsu.

Batun sakatariya yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan Kamaru kamfanonin da ka saba gani a rajistar kasuwanci ta RCCM manaja suke da shi, ba su da wannan muƙami. A Birtaniya sakataren kamfani jami'i ne da ake rubuta sunansa a kundi, aikinsa kula da takardu da aika wa hukuma bayanai a kan lokaci. Tun watan Afrilun 2008 dokar can ba ta tilasta wa ƙananan kamfanoni masu `Ltd` ko `Limited` su naɗa shi ba, sai masu `plc`. Saboda haka in ba ka ga sakatare a shafin ba, wannan kaɗai ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ce maka wance ce sakatariya alhali kundi bai san ta ba. Ko da sunanta yana nan ma, muƙamin bai mai da asusunta na kanta asusun kamfani ba. Kuɗin kamfani asusu mai sunan kamfani yake shiga. Dillalan nan suna son wannan muƙami ne don yana sa tura kuɗi ga mutum ɗaya ya yi kama da tsari.

Yanzu ga ainihin aikin. Ka taɓa sunan daraktan, wani shafi zai buɗe mai `Total number of appointments` a samansa, da jerin duk kamfanonin da yake ciki ko ya taɓa zama, kowanne da halin da yake: `Active`, `Dissolved` ko `Liquidation`. Amma kada ka yarda da adadin da ka gani da farko. Kundin yakan raba mutum ɗaya gida biyu ko uku in ya rubuta sunansa ta hanyoyi dabam, ko ya saka sunan tsakiya a nan ya cire a can, ko ya sauya adireshi. Mu kuwa sunayenmu sun fi na kowa saurin rarrabuwa: Muhammad, Mohammed da Mohamed, Abubakar da Aboubakar, ga wanda ya taso a tsarin Faransanci da kan rubuta Ousmanou inda ɗan'uwansa ke rubuta Usman. Don haka ka koma akwatin bincike, ka rubuta sunan, ka zaɓi `Officers`, ka gwada kowane salon rubutu, ka kuma juya sunan farko da na ƙarshe. Abin da zai haɗa maka su shi ne wata da shekarar haihuwa, sai adireshi. In suna da watan haihuwa da shekara sun dace, adireshi ma ya dace ko garin ɗaya ne, kusan tabbas mutum ɗaya ne. In suna kawai ya dace, kada ka ɗora wa bawan Allah laifin wani. Sakatare ya fi wahalar bi, domin galibi ba a nuna haihuwarsa, sai dai ka dogara da adireshi da kuma ganin ko su biyun suna yawan fitowa tare a kamfanoni. Kafin ka bar wurin ka duba `Disqualifications` da sunan nan. Wanda aka haramta wa zama darakta, haramcin kan kai har shekara 15, a nan sunansa yake.

Yawan kamfanoni kaɗai ba shaida ba ce. Akawu ko ɗan kasuwa na gaskiya na iya zama a kamfani goma. Fasalin kake nema. A ce ka buɗe shafin mutumin ka ga naɗi biyu kacal, sai binciken salon suna ya fito maka da wasu biyar a wani shafin, wata da shekara ɗaya. Bakwai ke nan. Biyar an rushe su, kowanne bai kai shekara biyu ba. Ka shiga `Filing history` na kowannensu, ka taɓa `Show filing type` don lambobin takardu su fito. In ka ga bayan takardar kafawa babu lissafin kuɗi ko ɗaya sai `GAZ1`, wato sanarwar farko ta shirin goge kamfani daga kundi, sannan `GAZ2`, wato sanarwar ƙarshe ta rushe shi, to ka fahimci abin da ya faru. Sabon kamfani mai `Ltd` yana da wata 21 kafin ya miƙa lissafinsa na farko. Mai buɗe kamfani ya bar shi ya mutu kafin wa'adin, ya buɗe wani a adireshin nan, yana gudun ranar da za a ga littafinsa ne. An sha ganin wannan fasali a bayan masu sayar da gurbin aiki, kuma in asiri ya tonu babu kamfanin da za a kama, ya riga ya rushe.

Sai ka dawo kan kamfanin da aka turo maka. `AP01` naɗin darakta ne, `TM01` saukarsa, `AP03` naɗin sakatare, `TM02` saukarsa. Doka ta ce a sanar da hukuma cikin kwana 14. Kowane layi yana da rana biyu: ranar da takarda ta shiga kundi a gefen hagu, da ranar da aka ce an yi naɗin a cikin bayanin. In takarda ta shiga watan jiya amma ta ce an naɗa mutum shekara uku baya, mai yiwuwa an mayar da kwanan wata baya ne don ya zama kamar tsohon hannu. Haka in ka ga tsohon kamfani da a mako guda tsohon darakta ya sauka, sabo ya hau, aka canza adireshi da `AD01`, aka kuma canza suna, to mai yiwuwa sayen kamfani aka yi don a ari shekarunsa. In lissafin ƙarshe an rubuta masa `Accounts for a dormant company`, to shi kansa kamfanin ya gaya wa hukuma ba ya harkar kuɗi a shekarar. Wanda ba ya harka ba ya biyan albashi.

Akwai iyaka biyu da ya kamata ka sani. Ta farko, shekara da shekaru hukumar tana karɓar abin da aka aiko mata ba tare da tantance mutum ba, har aka riƙa naɗa mutane darakta ba da saninsu ba. Tantance shaidar daraktoci ta zama dole ne daga 18 ga Nuwamba 2025, don haka tsofaffin bayanai maganar mai kamfani ce kawai. Ta biyu ta fi haɗari: kamfani na iya zama na gaskiya, darakta na gaskiya, amma mai yi maka magana a waya ba shi ba ne, sunan ya ara daga shafin da kake karantawa. Ka kwatanta shekarun haihuwa da mutumin da kake gani a kiran bidiyo, sannan ka nemi kamfanin ta lambar waya ko adireshin da kai ka samo da kanka, ka tambaye su ko sun san maganar. Ka kuma duba sunan kamfanin a `Register of licensed sponsors` na gwamnatin Birtaniya. Wanda ba ya ciki ba zai iya ɗauko ma'aikaci daga waje ba. In kuwa aikin kula da tsofaffi aka yi wa ƙanenka alkawari, an rufe ɗauko sababbi daga waje ta wannan hanya tun 22 ga Yuli 2025, magana ta ƙare a nan.

Game da gida, ina tare da kai. Kawu ya kawo mutum, amma ba shi zai zuba kuɗin ba, kuma in suka salwanta ba shagonsa za a rufe ba. Bai dace a mai da biyayya ga uwa igiyar da za a ja ɗan ci-rani da ita ya zubar da jarinsa ba, kuma wanda ya tsaya bincike kafin a jefa ƙanensa hannun da ba a sani ba, ba baƙin ciki yake masa ba. Kada ka yi musu da Hajiya a waya. Ka ɗauki hoton shafin `People` da jerin kamfanonin mutumin, ka tura wa wani babba da Kawu ke jin nauyinsa, a karanta a gabansu da Hausa, layi bayan layi. Shi kuma mutumin, ka aika masa tambaya uku a rubuce: cikakken sunansa yadda yake a kundi, sunan sakatariyar da ranar da aka naɗa ta, da sunan da ke kan asusun da yake so a tura kuɗin. Ka kwatanta amsarsa da abin da ka riga ka gani, kuma kada ka ba da ko kafin alkalami kafin amsar ta zo.