Gurbin kuɗi a jadawalin rage illa: "yana cikin kwangila" ba amsa ba ce

Tambaya: Salam Injiniya. Ina haɗa rahoton EIA, wato na tantance tasirin aiki ga muhalli, na wani titin karkara, na zo kan jadawalin matakan rage illa, oga ya ce in cike shi sama-sama tunda ba mai karantawa. Ni kuma ramin da za a ɗebi jar ƙasa yana dab da gari, hankalina bai kwanta ba wallahi. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da hankalinka bai kwanta ba, don ramin nan da damina ta sauka kududdufi zai koma, kuma yara ne ke faɗawa.

Abin da ke ba ni haushi kullum shi ne wai jadawalin nan takarda ce kawai ta samun sa hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, tunda dokar EIA ta 1992 ta wajabta rahoton. Sai ka ga an kwafo na wani aikin, gurbin mai alhaki an rubuta "ɗan kwangila/ma'aikata/al'umma", gurbin kuɗi "yana cikin kwangila", gurbin lokaci "a ci gaba da yi". To wa za ka kama a nan? Mutum uku a layi ɗaya ai babu kowa kenan. Shi kuma ɗan kwangila ba rahotonka yake bi ba, BOQ yake bi, wato jerin ayyukan kwangila da farashinsu, abin da ba shi da layi da farashi a ciki ba zai kunna katafila dominsa ba, in ka matsa masa ya ce ƙarin aiki ne a biya shi daban, kuma a takarda shi ke da gaskiya.

Ɗauki ramin naka, a ce tsawonsa mita 100, faɗi mita 50. Raba shi layi biyu. Na farko shinge: zagayensa mita 300 ne, ka tambayo farashin mita ɗaya a kasuwa ka ninka, ka ƙara allunan gargaɗi, wa'adi kuma kafin a fara haƙa. Na biyu gyaran ramin, wato a kwantar da gaɓarsa, a buɗe wa ruwa hanya, a mayar da ƙasar saman da aka tara gefe. Kuɗinsa kwanakin katafila sau hayarta a yini, da dizal da leburori. Wa'adi ka sa wata, misali ƙarshen Afrilu kafin ruwan fari, kar ka rubuta "bayan kammala aiki", lokacin an kwashe injuna an tafi.

Mai aiwatarwa mutum ɗaya, manajan aiki na ɗan kwangila. Mai dubawa daban, injiniyan da ke sa ido, da hoto da sa hannun mai filin. Sannan ka nemi a shigar da layukan biyu cikin BOQ tun kafin a ba da kwangila, a kuma rubuta cewa ba za a saki kuɗin ɗan kwangila da aka riƙe ba sai an rufe ramin. In an riga an ba da kwangilar, rubuta wa mai aikin wasiƙa ya yi mata ƙari, ka ajiye kwafinka.