Tambaya da Amsa: Shin alamomin lissafi ma ana mayar da su Hausa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin gona ne a wajen Ringim. An ba ni wata maƙalar mujallar bincike kan takin masara in fassara wa abokan aiki. Akwai lissafi huɗu a ciki, da hotuna uku, da sassa masu lamba. Wani ya ce idan ban mayar da haruffan lissafin Hausa ba, fassarar ba ta cika ba. Ina tsoron in yi abin da zai jawo wa manoma asara.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tsoronka yana kan hanya, kuma wanda ya ba ka wannan shawara bai san aikin ba. Kada ka taɓa ko harafi ɗaya a cikin lissafin. Abin da ake fassarawa shi ne jimlar da ke biye da shi, wadda ke bayyana ma'anar kowace alama.

A ce maƙalar ta ba da shawarar 60 kg N ha⁻¹, sannan lissafi na (2) ya ce U = N / 0.46. Wannan N sinadarin naitirojin ne zalla, ba takin da ke cikin buhu ba. Yuriya kashi 46 cikin ɗari ne kawai naitirojin, don haka 60 a raba da 0.46 zai ba ka kusan kilo 130 na yuriya a hekta ɗaya, wato buhu biyu da rabi da ɗoriya na mai kilo 50. To sai mai fassara ya ce shi gwani ne, ya cire N ya sa T wai taki, ya rubuta "kilo 60 na taki". Abokin aikinka zai karanta ya gaya wa manomi ya zuba kilo 60 na yuriya. Abin da gonar ta samu bai kai kilo 28 na naitirojin ba, ƙasa da rabin abin da masu binciken suka ce. Ganyen ƙasa zai fara rawaya, masara ta tsumbure, a ɗora wa iri laifi ko damina. Kuma sau da yawa akwai wata T ɗin a maƙalar da ke nufin zafi, ka ga alama ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu.

Kullum sai na ga irin wannan, kuma yana ɓata min rai. Wai kishin harshe ne. Alamar lissafi ba Turanci ba ce balle a ce an bar Turanci a ciki. Bajamushe da Bafaranshe duk N suke rubutawa. Ka bar layin yadda yake, a ƙasansa ka rubuta: inda U ke nufin nauyin yuriya da kilo a kowace hekta, N kuma nauyin naitirojin da ake bukata. Hekta ma ka bar ta hekta. Kalmar kadada wasu eka suke nufi da ita, wasu hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Sai ka kula da masu shagon buga takardu. Idan aka kwafo rubutu daga PDF, ƙananan lambobin sama sukan sauko, 10⁻³ ya koma 10-3, wani lokacin μg ya koma mg, bambancin ninki dubu kenan. Yaron shagon ba zai lura ba, kuɗin shafi yake ƙirgawa. Ka tsaya a kansa, ko ka yanko hoton lissafin daga asalin ka manna.

Lambobin sassa ka bi su yadda suke. Ko 2.2 layi uku ne kacal, kada ka haɗe shi da 2.3, domin can gaba za a ce "duba sashe na 2.3" ko "daga lissafi na (2)", mai karatu ya je ya tarar da wani abu dabam.

Bayanin ƙasan hoto kuwa a fassara shi kaf, har jimlar ƙarshe da ake yawan tsallakewa, wadda ke cewa ginshiƙan da ke ɗauke da harafi iri ɗaya ba su da bambanci na haƙiƙa. Idan ka yar da ita, mai karatu zai ga wani ginshiƙi ya ɗan fi tsawo ya ɗauka wannan takin ya fi. Kalmomin cikin hoton kada ka goge su, ka jera ma'anarsu a ƙasa.

Idan ka gama, ka ajiye asali da fassara gefe da gefe, ka bi lambobi kaɗai da biro, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ba wani malamin gona da bai ga asalin ba ya lissafa buhu nawa hekta ɗaya za ta ci. In amsarsa ta saɓa da ta maƙalar, akwai gyara. Kafin ka raba kuma ka duba shafin farko: in an rubuta CC BY, wato lasisin da ke ba kowa izinin amfani da rubutun, kana da damar fassarawa muddin ka ambaci marubutan kuma ka nuna fassara ce, in akwai ND, wato alamar hana yaɗa rubutun da aka sauya, ko ba ka ga lasisi ba, sai ka rubuta wa mawallafan mujallar neman izini.