Ina Ƙashin Bayan Doguwar Jimla?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin Hausa ne. In ina karanta rubutun mutanen da, sai in tarar da jimla ɗaya ta ci layi biyar ko shida, ga "da" ga "wanda" ga "sai" birjik, kafin in kai aya na manta wa ya yi me. Yaya zan gane ainihin maganar?

Wa'alaikumus salam. Dabarar ita ce ka daina bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ka nemo ganga, wato sashen jimla mai aikatau nasa, wadda za ta iya tsayawa da ƙafarta. Masu nahawu suna ce mata ganga tsayayya, sauran da ke jingine da ita kuma ganga dogarau. Marubutan farko na boko, irin waɗanda suka yi aiki da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara buga ta a Zariya a 1939, yawancinsu sun taso ne da karatun allo da ajami, inda ba a dogara da waƙafi da aya. Saboda haka mahaɗan da ke cikin jimlar su ne alamomin hanya, kuma ba sa yaudara in ka san aikin kowanne.

Bari in ƙaga maka jimla irin tasu mu warware ta tare:

"Da fataken da suka taso daga Kano, waɗanda madugunsu ya yi alkawari da sarkin zango tun bara cewa in sun iso zai ba su masauki, suka ga rana ta kusa faɗuwa, ga shi kuwa jakunan da suka ɗauko kanwa sun gaji, ko da yake rijiyar da ake faɗi ba ta da nisa, sai suka sauke kaya a gindin wata tsamiya, suka ɗaure dabbobi, suka hura wuta."

Ƙirga ka gani, "da" bakwai ne a ciki, ban da wanda ke manne a jikin "waɗanda". Biyu daga cikinsu ba ruwansu da buɗe ganga. Na "alkawari da sarkin zango" na tarayya ne, na "ba ta da nisa" kuwa na mallaka ne, sai ka kawar da su gefe. Uku suna da alama a goshi: fataken da, jakunan da, rijiyar da. Duk inda ka ga suna ya ƙare da -n ko -r, "da" ya biyo shi, sannan "suka" ko "ake" ko "yake" ya biyo baya, to bayanin wannan sunan ake yi, labari bai motsa ba. Saura "ko da yake", wanda mahaɗi ɗaya ne dunƙule, da kuma "Da" na farkon jimla, mai nufin "sa'ad da". Shi ne mai wahalar da mutane.

Ka ɗauki kowane mahaɗi kamar mai bin bashi: aikatau ɗaya yake bi, kuma wanda ya zo daga baya shi ake fara biya. "Da" na farko ya buɗe, yana jira. Kafin a sallame shi sai "fataken da" ya shigo, don haka "suka taso" nasa ne, ba na na farko ba. A nan ɗalibai da yawa ke ɓata, su ɗauka ana cewa "sa'ad da fatake suka taso". Ka ci gaba. "Waɗanda" ya karɓi "ya yi alkawari". "Cewa" ya buɗe, amma "in" ya tsoma baki ya ɗauke "sun iso", sannan "cewa" ya sami "zai ba su masauki". Yanzu duk na ciki an sallame su, sai ga "suka ga". Wannan ne na "Da" na farko, bayan kalmomi fiye da ashirin.

To amma har yanzu ba mu iso ba. "Rana ta kusa faɗuwa" abin da suka gani ne. "Jakuna sun gaji" kuwa tarko ne sosai, domin in ka cire ta ka ajiye ita kaɗai, cikakkiyar magana ce. Abin da ya hana ta zama uwar jimla shi ne "ga shi kuwa" da ke gabanta, wanda halin da ake ciki yake nunawa, kuma wanda ya ce "da suka ga kaza" bai gama magana ba sai ya faɗi abin da ya biyo baya. "Ko da yake" ya tafi da maganar rijiya. Sannan "sai" ya faɗo, kuma a nan numfashin mai karatu ke sauka: fatake suka sauke kaya a gindin tsamiya. "Suka ɗaure" da "suka hura" ƙannenta ne, matsayinsu ɗaya, jerin abin da ya faru ne.

Gwajin da nake sa ɗalibai su yi shi ne su karanta abin da ya rage da ƙarfi: "Da fatake suka ga rana ta kusa faɗuwa, sai suka sauke kaya." In kunnenka ya karɓa, ka samo. In ka ji kana son tambayar "to sai me?", dogarau ka riƙe. Almajiran zaure sun san wannan aiki a Larabci, inda malam zai tsayar da mai biya ya ce masa ina habarin wannan mubtada'i, wato ina abin da aka faɗa game da sunan da ya buɗe jimla.

Sai dai kada ka mai da "sai" tambari. "Sai da suka huta", "sai dai", "sai in", da na togiya kamar "ba kowa sai madugu", duk ba su buɗe uwar jimla. Haka "suka" ba kullum yake nuna dogarau ba, tunda ka ga a cikin labari tsayayyar ma da shi take zuwa. Amfaninsa na gaske yana wurin rarrabe "da" biyu da rubutu ya haɗe. "Da fatake suka taso da wuri, sai suka iso zango" labari ne, abin ya faru. "Da fatake sun taso da wuri, da sun iso zango" kuwa nadama ce, ba su taso ba, ba su iso ba, kuma tsayayyar tana bayan "da" na ƙarshe. A baki, wannan "da" na nadama ja ake yi masa, amma boko ba ya nuna ja.

In mai aikin mutum ɗaya ne, abin ya fi rikici, domin "da ya taso" rubutunsa ɗaya a duka ma'anonin biyu. Mai da shi jam'i a zuciyarka, ka ji ko "sun" ne zai zauna ko "suka". Mutanen Sakkwato da maƙwabtansu na Nijar sun huta da wannan, domin a bakinsu "ya zo" daban, "yaz zo" daban, kamar yadda "sun zo" ya bambanta da "sunka zo".

Karin magana ma haka ake kwance shi, ko da yake gajere ne. Duba "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." "Abin da" ya ɗauki "ya hango", "ko" ya ɗauki "ya hau rimi", abin da ya rage shi ne "yaro ba zai hango shi ba". Wannan "shi" ɗin kuma yana komawa ne can farko ga "abin", ba ga babba ba, ba ga rimi ba. Marubutan da sun saba fito da abin da za a yi magana a kansa tun farko, su bar wakilin suna ya riƙe masa wuri a ƙarshe, don haka in ka samo tsayayyar ganga, bi kowane "shi" da "ta" da "su" da ke cikinta ka ga wa yake wakilta.